Sanar da tsofaffin abokan ciniki ƙarin farashi: lissafin da ake yi kafin a ɗauki biro

Mai kasuwancin da zai ƙara farashi yakan kwana yana juyayin adadin da zai ƙara, ya manta da yadda labarin zai isa kunnen mutanen da suka yi shekaru suna saye a wurinsa. Ni a ganina hadarin ya fi yawa a nan. Kwastoman da ya saba da kai ya san kaya suna tsada, shi ma yana shiga kasuwa. Ƙarin kashi 8 ko 10 cikin ɗari ba kasafai yake korar sa ba. Yana tafiya ne idan ya zo biya da kuɗin da ya saba, a ce masa ai farashi ya tashi tun makon jiya, ko kuma ya karanta sanarwarka ya ji a jikinsa cewa an fake da tsadar kaya ne an ƙara riba.

Akwai binciken da ya auna wannan hali na mutane. A shekarar 1986 masana uku, Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler, suka buga sakamakon tambayoyin da aka yi wa jama'a ta wayar tarho a Kanada. An ce musu wani kanti yana sayar da shebur ɗin kwashe ƙanƙara a kan dala 15, washegarin da ƙanƙara ta zuba sosai sai ya mai da shi dala 20. Kashi 82 cikin ɗari suka ce wannan rashin adalci ne. Sai aka ba su wani misali: mai kanti ya saro ganyen latas da ƙarin santi 30 a kan kowanne saboda matsalar sufuri, shi ma ya ƙara wa masu saye santi 30 daidai. A nan kashi 79 cikin ɗari suka ce babu laifi. Duka biyun ƙarin farashi ne. A na farko mai kanti ya ga mutane a matse ya ci moriyar matsuwarsu, a na biyu kuwa ribarsa ta da kawai ya kare. Masanan sun bayyana cewa mutane suna ganin kowane ɓangare yana da haƙƙi: mai saye yana da haƙƙi a kan farashin da ya saba, mai sayarwa yana da haƙƙi a kan ribar da ya saba samu, kuma idan haƙƙoƙin biyu suka yi karo saboda kuɗin sari ya tashi, ana yarda mai sayarwa ya kare ribarsa.

Saboda haka aikin sanarwa shi ne ta nuna cewa kai mai latas ne, ba mai shebur ba. Kuma ba za ta iya nuna haka ba sai in gaskiya ne, shi ya sa lissafi yake gaba da rubutu.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wata mata tana da ƙaramar maɗaba'a, tana buga wa ofisoshi da makarantu da kantuna takardu. Tana da kwastomomi 200 na dindindin, kowanne yana karɓar ƙunshin aiki ɗaya a wata. Farashin ƙunshi 100 ne, ko da kuɗin wace ƙasa ake lissafi. A cikin 100 ɗin nan, takarda da tawada da wuta da kai kaya suna cin 70, sai 30 ya rage mata. Daga 30 ɗin ne take biyan haya da albashi, abin da ya yi saura shi ne nata. A wata ke nan tana da 6,000 bayan ta cire kuɗin kayan aiki. Sai takarda da tawada suka yi tsada, abin da yake cin 70 ya koma cin 78. Ba ta taɓa farashi ba, don haka 30 ya koma 22, kuma 6,000 ya koma 4,400. Kwastomomi ba su ragu ba, injin bai huta ba, amma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da take rufe haya da albashi da shi ya tafi.

A nan ne tarko na farko yake. Daga 70 zuwa 78 ƙarin kusan kashi 11 cikin ɗari ne. Mutane da yawa sai su ce kaya sun tashi da kashi 11, mu ma mu ƙara kashi 11, farashi ya zama 111. Amma 111 a cire 78 saura 33, wato ta fi samun abin da take samu kafin tsadar. Don ta dawo kan 30 ɗinta, ƙarin 8 kawai take bukata, farashi ya zama 108. Ba ina cewa haramun ne ta kai 111 ba. Wataƙila haya ma ta tashi, wataƙila ma'aikata sun daɗe ba a ƙara musu albashi ba, kuma 30 na bana ba ya sayen abin da 30 na bara yake saya. Duk waɗannan dalilai ne na gaskiya. Abin da nake cewa shi ne idan ta kai 111, to kada ta ɗora wa takarda laifin duka. A cikin kwastomomi 200 dole akwai mai sayen takarda da kansa, ya san nawa ta tashi, kuma zai yi lissafin a kansa kafin ya gama karanta saƙon. Idan ya ga dalilin da aka ba shi bai kai ƙarin da aka yi ba, to sauran abin da aka rubuta ma ba zai yarda da shi ba.

Lissafi na biyu shi ne wanda yake cire wa mai kasuwa fargaba. Tsoronta shi ne mutane su gudu. To, mutum nawa ne za su gudu kafin ƙarin ya zama asara? A yanzu tana samun 4,400. Idan ta koma 108, kowane ƙunshi yana bar mata 30, don haka kwastomomi 147 sun isa su ba ta 4,410. Ma'ana ko da mutum 53 sun tafi, ba ta faɗi ƙasa da inda take a yau ba, ga kuma aiki ya ragu a kan injin da ma'aikata. Hanyar gane wannan a kowane kasuwanci mai sauƙi ce: a raba adadin ƙarin da abin da zai rage a kan kowane kaya bayan ƙarin. A nan 8 a raba da 30, kusan kashi 27 cikin ɗari. Wanda ribarsa a kan kowane kaya siririya ce, ƙaramin ƙari ma yana ba shi fili mai faɗi, wanda ribarsa ke da kauri kuwa kowane kwastoma da ya tafi yana tafiya da kaso babba.

Lissafin yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta. Ya ɗauka cewa kwastomomin duk ɗaya suke, alhali ba a taɓa samun haka. Idan mutum goma a cikin 200 su ne suke kawo kashi ɗaya cikin uku na cinikin, to tafiyar uku daga cikinsu ta fi tafiyar ashirin daga cikin sauran ciwo. Shi ya sa waɗannan goman ba a sanarwar gama-gari ya kamata su fara jin labari ba. Mai maɗaba'ar ta kira su da kanta, ko ta taka ta same su, kwana biyu ko uku kafin saƙon ya fita. Maganar ba ta wuce minti biyar: ga abin da ya faru, ga sabon farashi, ga ranar, na ce bari ku fara ji daga bakina. Babban kwastoma yakan nemi ragi a wannan zama, don haka ta je da amsarta a shirye. Ta san tun daga gida abin da za ta iya bayarwa, misali ƙarin wata biyu a tsohon farashi ga wanda ya yi alkawarin aikin wata shida, da abin da ba za ta iya ba.

Amfanin wannan lissafi ga rubutun kansa shi ne yana daidaita murya. Wadda ba ta yi shi ba tana rubutu da rawar jiki, sai saƙon ya cika da ban haƙuri, sakin layi uku na godiya da kame-kame kafin a zo ga adadi, wani lokaci ma ba a zo ba. Ga irin abin da ake yawan gani:

"Zuwa ga abokan hulɗarmu masu daraja. Kamar yadda kuka sani, a kullum burinmu shi ne mu ba ku ingantaccen aiki. Sakamakon yanayin da ake ciki, za a samu ɗan sauyi a tsarin farashinmu nan ba da jimawa ba, domin mu ci gaba da inganta ayyukanmu. Muna godiya da fahimtarku."

Wanda ya karanta wannan bai san nawa aka ƙara ba, bai san yaushe ba, bai san me ya jawo ba. "Ɗan sauyi" kalmar rufa-rufa ce, kowa ya san ba ragi ake nufi ba, kuma boye adadin yana sa mutum ya ƙiyasta abin da ya fi na gaskiya muni. "Domin inganta ayyukanmu" alkawari ne da ba a yi niyyar cikawa ba, tunda kuɗin takarda za a rufe da ƙarin, ba sabon inji za a saya ba. Wata uku nan gaba kwastoma zai duba aikin ya ga yadda yake da, ya tambayi kansa ina ingancin da ya biya. Har godiyar da aka yi masa a kan fahimta, an yi ta ne kafin a ba shi abin da zai fahimta.

Ga yadda mai maɗaba'ar za ta iya rubuta nata:

"Daga ranar 1 ga Yuni, farashin ƙunshin aiki zai tashi daga 100 zuwa 108. Dalili shi ne kuɗin takarda da tawada: abin da muke kashewa a kan kowane ƙunshi ya ƙaru da 8 tun farkon shekara. Mun riƙe farashin wata huɗu ko abin zai sauka, bai sauka ba. Rabonmu da ƙara farashi shekara biyu ke nan. Duk aikin da aka ba mu kafin 1 ga Yuni za mu yi shi a tsohon farashi, ko da a watan Yuni za a karɓa. Nauyin takarda da lokacin kai aiki suna nan yadda kuka san su. Wanda ƙarin zai takura wa kasafinsa ya yi mana magana, akwai takarda mara nauyi da za ta iya riƙe farashin kusa da na da. Mun gode da kasuwancin da kuke yi da mu."

Jimla ta farko ta ɗauki rana da tsohon farashi da sabo, domin su ne abin da mai karatu yake nema, kuma mutane da yawa ba sa wuce layin farko. An rubuta adadin kuɗi, ba kashi cikin ɗari kaɗai ba, don kada a bar wa mutum aikin lissafi. Dalili ɗaya aka bayar, kuma girmansa daidai da girman ƙarin, 8 da 8. Maganar wata huɗu da shekara biyu tana da nauyi sosai domin tana nuna an sha wuya kafin a taɓa aljihun kwastoma, sai dai ba a rubuta ta sai in haka ta faru. Tsohon kwastoma yana da rasit a aljihun tebur. Babu roƙon gafara a saƙon, kuma da gangan ne. Ana neman gafara a kan laifi, wanda kuwa ya yi ta ban haƙuri a kan farashi yana gaya wa mai saye ne cewa akwai wurin matsawa.

Batun aikin da aka riga aka karɓa ya cancanci a tsaya a kansa. A binciken 1986 ɗin nan an tambayi mutane game da mai kantin da yake da kaya a ajiye na watanni, ya ji labarin farashin sari ya tashi, nan take ya ƙara kuɗin kayan da ya saya a tsohon farashi. Kashi 79 cikin ɗari suka ce bai kyauta ba. Ɗan kasuwa yana da hujjarsa, kuma hujja ce mai ƙarfi: idan ya sayar da tsohon kaya a tsohon farashi, kuɗin da ya tara ba za su sake cika masa shago ba. Duk wanda ya yi kasuwanci a lokacin hauhawar farashi ya san uwar kuɗi tana iya narkewa ta wannan hanya alhali littafi yana nuna riba. Amma mai saye ba haka yake kallon abin ba, kuma ba za ka sauya masa ido da saƙo ɗaya ba. Mafita ita ce a raba abu biyu. Alkawarin da aka riga aka ƙulla, wato odar da aka karɓa ko farashin da aka rubuta wa mutum, a cika shi ko da asara. Wa'adin sanarwa kuma a yanke shi gwargwadon abin da ajiyar kaya za ta iya ɗauka. Mai maɗaba'ar da take da takardar mako shida a sito za ta iya ba da sanarwar wata ɗaya ba tare da ta ji ciwo ba.

Tsawon wa'adin ya danganta da yadda ake ciniki. Ga wanda yake biya wata-wata, a ba shi aƙalla zagayen biya ɗaya cikakke, wato kwana 30. Kamfanonin da suke tsara kasafi kafin lokaci sukan bukaci kwana 60 zuwa 90. Inda akwai yarjejeniya a rubuce, a fara karanta ta, domin sau da yawa ta riga ta faɗi yadda ake sauya farashi da tsawon sanarwa, kuma ƙasashe da dama suna da dokokin kare mai saye a kan irin wannan. Wa'adi mai tsawo yana da nasa illa: wasu za su jibgo odar wata shida a tsohon farashi, sai ka wayi gari ka sayar da rabin shekara a kan asara. Maganinsa layi ɗaya ne a cikin sanarwar, cewa tsohon farashi ya tsaya a kan adadin da mutum ya saba karɓa.

Akwai masu guje wa sanarwa gaba ɗaya, su bar farashi yadda yake su rage kayan a ɓoye. Mai maɗaba'ar za ta iya komawa takarda mai sauƙi ba ta gaya wa kowa ba. Baƙon mai saye ba zai lura ba, amma wanda ya shekara biyar yana riƙe takardarka zai ji bambancin a yatsunsa ranar farko. A 2016 masu yin cakulan Toblerone sun rage nauyin sandar da ake sayarwa a Birtaniya daga giram 170 zuwa 150 ta hanyar faɗaɗa giɓin da ke tsakanin tudun cakulan ɗin, abin ya zama abin ba'a a kafafen labarai, kuma daga baya aka dawo da tsohuwar siffar. Takarda mara nauyi da aka miƙa wa kwastoma a matsayin zaɓi, kamar yadda saƙon sama ya yi, taimako ce. Ita ɗin dai idan aka sauya masa ita bai sani ba, ha'inci zai kira ta.

Girman tsalle ma yana da iyakar da kyawun rubutu ba ya ƙetarewa. A watan Yuli na 2011 kamfanin Netflix ya raba hayar faifan DVD da kallon fim ta intanet, sai wanda yake biyan dala 9.99 a kan duka biyun ya koma biyan dala 15.98, ƙarin kusan kashi 60 cikin ɗari a tashi ɗaya, ba tare da an ƙara masa komai ba. A cikin wata uku na wannan zango kamfanin ya rasa masu rajista kimanin 800,000 a Amurka. Kasuwancin da ya yi shekaru yana jin kunyar taɓa farashi yakan jefa kansa cikin irin wannan, domin ranar da tura ta kai bango sai ya bukaci ƙarin shekara biyar a rana ɗaya. Idan mai maɗaba'ar ta tsinci kanta tana bukatar 130 a maimakon 108, gara ta raba shi hawa biyu, ta kuma faɗi duka biyun da ranakunsu a saƙon farko. Ƙari na biyu da ya zo ba zato bayan wata uku ya fi na farko ɓata rai, domin mutum ya ɗauka an gama.

Saura mutanen da suke tsaye a gaban kwastoma. Sanarwa mai kyau takan mutu a bakin ma'aikacin da bai san da ita ba. Kwastoma ya ce, "Yaya na ga 108?" yaron kanta ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Wallahi nima haka na gani, daga sama ne." Da wannan amsa ya raba kansa da maɗaba'ar, ya kuma tabbatar wa mutumin cewa babu dalili. Don haka ma'aikata su ji kafin kowa, a ba su amsa gajera iri ɗaya da abin da aka rubuta, a kuma gaya musu wa ke da ikon yin ragi. Idan kowa yana sassautawa ga wanda ya fi ɗaga murya, cikin wata guda masu kawaici za su gano cewa su kaɗai ke biyan sabon farashi, kuma su ne irin mutanen da ba sa faɗa, sai dai a daina ganinsu.

Wannan ne ma ya sa yawan ƙorafi ba ma'auni ba ne. Wanda ya kira yana mita yana son ya zauna, yana neman a ba shi dalili ne. Abin dubawa shi ne littafin oda. Mai maɗaba'ar ta jera sunayen 200 ɗin, ta kwatanta abin da kowanne ya karɓa a wata uku kafin ƙarin da wata uku bayansa. Watan farko ba abin dogaro ba ne, domin waɗanda suka yi gaggawar saye a tsohon farashi za su yi shiru a cikinsa. A wata na biyu da na uku ne hoton yake fitowa. Idan mutum 12 sun tafi, saura 188, tana samun 5,640, wato ta wuce 4,400 nesa ba kusa ba ko da ba ta koma 6,000 ba. Sai ta duba su waye 12 ɗin. In masu ƙaramin aiki ne da dama can farashi kawai suke bi, to abin da aka yi tsammani ne. In kuwa akwai wanda yake karɓar aiki duk wata tun shekara shida, yanzu ya koma rabin oda, to ya fara gwada wata maɗaba'a ke nan, kuma a makon nan ya kamata ta kira shi ta ji abin da aka yi masa tayi a can.